Gwangwani Ɗaya, Lissafi Uku

Mai karatu, idan a Najeriya kake zaune, mai yiwuwa ka manta rabon da ka riƙe kuɗin ƙarfe a hannunka. Sulallan da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007, wato kwabo 50 da naira 1 da naira 2, yau ko almajiri ka miƙa wa sai ya bi ka da kallo. Amma ka tsallaka iyaka ta Jibiya ka shiga Maraɗi, za ka tarar sulalla na nan da ransu. Da su ake sayen ƙosai, da su ake biyan ɗan kabu-kabu, su ne kuma ke cika gwangwanin mai shayi kafin dare ya raba. Labarin wannan mako daga can na ɗebo shi, daga bakin wani mai shayi da ke kafa teburinsa kusa da tasha tun bayan magariba har wajen ƙarfe 2 na dare.

Kafin mu shiga labarin sai na ɗan koya maka lissafin mutanen can, in ba haka ba zan bar ka a hanya. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Saboda haka silen da aka rubuta 25 a jikinsa sunansa dala biyar, na 50 dala goma, na 100 dala ashirin, na 500 dala ɗari. Sefa 1,000 ita ce jika, wato dala 200. Abin da ido ke karantawa a jikin sile daban, abin da baki ke faɗa daban, kuma kullum ƙwaƙwalwa na raba lamba gida biyar ba tare da mai ita ya lura ba. Ni zan riƙa ba ka jimillar da sefa don sauƙi, amma ka riƙe a ranka cewa shi mutumin namu da dala yake tunani.

Tsarin mai shayin mai sauƙi ne. Kuɗin takarda suna shiga wata 'yar jaka da yake ratayewa a ƙusa ƙarƙashin tebur, su ne na sarin madara da sukari da ƙwai. Sulalla kuwa suna shiga gwangwanin madara, kuma daga cikinsu yake biyan mai burodi da asuba, ya kuma yi zubin adashi. A wannan daren abin da ake bin gwangwanin, burodi da adashi a haɗe, jika 12 ne cif. Yana da yaro mai taya shi wanke kofuna da hura wuta, ɗan ƙanwarsa ne da aka kawo masa daga ƙauye, bai wuce shekara goma sha uku ba.

Da ƙafa ta ɗauke, sai ya juye gwangwanin a kan tebur. Fitilarsa ta caji ce, ta yini ta kwana tana aiki, haskenta ya koma ja-ja kamar na aci-balbal. Ya fara jan sulalla ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, duk wanda ya zo hannu, yana tarawa a ka: ashirin, da biyar, da arba'in, da goma, haka har ya share tebur. Ya sami 12,500. Ya yi hamdala, ga na mai burodi, ga na adashi, ga kuma ɗan abin da zai bar wa maiɗakinsa na cefane. Ya mayar da su gwangwani, ya ɗauki bencin da yake ara a wurin mai gadin shagunan da ke bayansa, ya tafi mayarwa. Suka ɗan tsaya hira, ya kama ruwa, ya dawo. Duka bai fi minti goma ba.

Da ya dawo sai ya ce bari ya ware na mai burodi tun yanzu, kada asuba ta yi yana lalube. Ya sake juyewa, ya sake ƙirgawa, wannan karon a hankali, yana kai kowane sile kusa da fitila. Ya sami 11,500.

Ka lura da wannan lambar, mai karatu, don a nan shaiɗan ya sami ƙofa. Da a ce giɓin 35 ne ko 180, da ya ce kuskure ne ya sake. Amma jika guda cif, ba ƙari ba ragi, ba ta yi kama da kuskure ba. Ta yi kama da hannun mutum. Ya ɗaga kai ya dubi yaron da ke tsugune yana ɗauraye kofuna.

"Kai, me ka ɗauka a nan?"

"Ban ɗauki komai ba, Kawu. Ai ɗazu wani..."

"Rufe mini baki, ina lissafi."

Ya shiga ƙirga na uku, zuciya na tafasa. Yanzu ya ce zai yi irin na masu shago: ya ware sulallan kashi-kashi, ya jera su tsibi-tsibi. Ya ƙirga goma a tsibin farko, sauran kuma ya riƙa daidaita tsayinsu da na farkon, yana shafa samansu da tafin hannu. Ya haɗa. Ya sami 11,200.

Ya ce mini a nan ne gwiwarsa ta yi sanyi. Kuɗi na raguwa a gabansa yana kallo. Har ya tuna zancen da ake yi a kasuwa, wai akwai masu kawo kuɗin da ke janye 'yan'uwansu daga gwangwani, abin da ya sa wasu ke jefa gawayi ko barkono a cikin ma'ajin cinikinsu. Amma yaro ya fi aljani kusa. Ya sa shi ya miƙe, ya zazzage aljihunsa, ya cire hula, ya kwance tazugen wando. Ba a sami komai ba sai wani guntun burodi da ya ɓoye don safe.

Hayaniyar ce ta jawo mai gadi, dattijo ne da ya yi shekaru yana yaron mota yana karɓar kuɗin fasinja kafin ƙafa ta gaza. Bai tambayi wanda ya yi laifi ba. Ya kunna tocilarsa mai farin haske, ya ce a share tebur, a juye. Sannan ya ware sulallan da kansa, kowane iri a gefensa, yana duba lambar da ke jiki, bai damu da girma ko launi ba. Ya ce wa mai shayi kada ya ambaci dala ko sefa tukuna, ya ƙirga ƙwaya kawai, kamar yana ƙirga goro. Ya ba yaron gawayi ya ce ya rubuta a bayan kwalin sukari.

Ga abin da ya fito. Na 500 guda biyar, 2,500 ke nan. Na 250 guda huɗu, 1,000. Na 200 guda takwas, 1,600. Na 100 guda arba'in da ɗaya, 4,100. Na 50 guda ashirin da shida, 1,300. Na 25 guda talatin da biyu, 800. Sai ƙananan, na 10 guda goma sha biyar da na 5 guda goma, su duka 200. Jimilla 11,500. Aka sake, yaron ya ƙirga ƙwayoyin, dattijo na kallo, ba abin da ya canja.

Ashe lissafi na biyu, wanda ya tayar masa da hankali, shi ne kaɗai daidai a cikin ukun.

Sai a lokacin dattijon ya juya ga yaron. "Ɗana, ɗazu ka fara magana aka katse ka. Ƙarasa."

Yaron ya ce bayan Kawu ya tafi da benci wani direba ya tsaya, ya sha shayi da burodi na dala sittin, wato 300, ya ba da takardar jika. Shi kuma ya ɗauki silen 500 da na 200 daga gwangwani ya ba shi canji, ya saka takardar a jakar da ke ƙarƙashin tebur kamar yadda aka koya masa. Aka sauko da jaka, ga jikar nan a sama, a ninke daban da sauran.

To ka ga 700 daga cikin jikar da ta "ɓata" ba ta je ko'ina ba, ɗaki kawai ta canja, har ta jawo 300 na ciniki. Wannan shi ne abu na farko da ke rikita duk mai ma'aji biyu, ko mai shayi ne ko uwargida mai sayar da ƙanƙara a gida. Duk lokacin da aka ba da canji, ma'ajin ƙananan kuɗi na raguwa, na manya na ƙaruwa. Wanda ya ƙirga ɗaya ya bar ɗaya, rabin labari ya ji. Kuma duk ƙirgan da aka yi, aka sake buɗe ciniki bayansa, ya riga ya mutu, ba a gwada shi da wani.

Lissafi na uku ma bai yi wuyar warwarewa ba, don tsibin na nan a idon mai shayi. Silen 250, wanda bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma ya fitar a 1992, da silen 200 da ya zo a 2003, duka masu launi biyu ne, kuma girmansu bai yi nisa da juna ba. Cikin fushi ya haɗa su tsibi ɗaya, ƙwaya goma sha biyu, ya buga su duka a 200. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan ya cinye masa 50, an tafi da 200 ke nan. Ragowar 100 kuwa wurin daidaita tsayi ta tafi. Sulallan 100 sun fi kowane sile shan hannu, da yawansu sun side har rubutun ya kusa gogewa, kuma silen da ya side ya fi sabo siranta. Tsibin farko da ya yi awo da shi sababbi suka fi yawa a ciki. Da ya zo kan tsofaffi, a wannan duhun, sai goma sha ɗaya suka tsaya kusan daidai da goman farko, tafin hannu bai ji bambanci ba. Arba'in da ɗaya suka zama tsibi huɗu, ya kira su arba'in. Awo da tsayi dabara ce mai kyau a banki, inda sulalla ke fitowa sababbi daga leda. A teburin mai shayi kuwa tarko ne.

Saura lissafin farko, kuma a kansa nake so mu daɗe, don shi ne bai warware sarai ba. Idan ka mayar da 700 na canji kan 11,500, abin da ke cikin gwangwani lokacin ƙirgan farko 12,200 ne. Shi kuwa 12,500 ya samu. Ina 300?

Dattijon ya ce a dubi giɓin da kansa, don giɓi yakan faɗi sunan mahaifinsa. Ya ɗauki silen 25 da na 100 ya ɗora ɗaya kan ɗaya. Faɗinsu kusan ɗaya ne, na 25 ma ya ɗan fi. Abin da ke raba su da rana launi ne, na 25 ruwan tagulla, na 100 fari. Ya kashe tocila ya bar fitilar mai shayi kaɗai, sai ga su duka sun koma launi ɗaya, musamman waɗanda suka sha maiƙo da datti. Duk sanda ka ɗauki na 25 a matsayin na 100, ka ƙara wa kanka 75 da babu ita, wato dala goma sha biyar. Yi haka sau huɗu, ka sami 300 daidai. Cikin ƙwaya talatin da biyu, a ce huɗu sun ruɗi idon da ya yi awa takwas a kan hayaƙi, ba abin mamaki ba ne.

Wannan dabarar ta duba giɓi ta fi duk abin da na koya a labarin amfani. Giɓin da ke rabuwa da 75, kamar 150 ko 225, ka fara zargin na 25 da na 100. Giɓin 50 ko 100 ko 150 da ya zo ta wajen ragi, ka duba ko na 250 sun ɓuya cikin na 200. Giɓin da ya yi daidai da darajar sile ɗaya, ka sake ƙirga tsibin wannan silen, ko ka duba ƙarƙashin tebur. Idan kuma lissafin mutum biyu ya bambanta har ninki biyar, to ba wanda ya yi kuskure, ɗaya na magana da dala ne, ɗaya da sefa. Wannan na ƙarshen ya sha haɗa baƙi daga Najeriya faɗa da masu kaya a kasuwar Maraɗi, an ce musu "ɗari" sun miƙa 100, alhali 500 ake nufi.

Amma ka lura, 300 na rabuwa da 75, tana kuma rabuwa da 100 da 50. Bayanin dattijon shi ne ya fi dacewa da hankali, sai dai ba hujja ba ce da za a kafa a gaban alƙali. Ƙirgan farko bai bar sawu ba. An yi shi a ka, sulalla a cakuɗe, ba a rubuta komai ba, aka kuma mayar da su gwangwani. Ba wanda zai iya komawa ya nuna inda aka yi tuntuɓe. Illar ƙirgan cakuɗe ke nan: kana riƙe da jimilla a ka, kana gane sile, kana juya shi zuwa dala, kana tarawa, aiki huɗu a lokaci guda, sau ɗari da arba'in da wani abu a jere. Idan ka kuskure a na sittin, kuskuren zai bi ka har ƙarshe ba tare da ya yi tari ba. Wanda ya ware kuwa ya rubuta, idan lissafi biyu suka saɓa, zai ga a layin da suka saɓa, ya sake ƙirga wannan layin kaɗai.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne kakanninmu sun san wannan tun zamanin wuri. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya biyo ta Tasawa a 1851, garin da ke cikin jihar Maraɗi a yau, ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirga wuri: biyar-biyar ake ja da yatsu, a tara su tsibi na ɗari biyu ko na dubu. Hauya ita ce wuri ashirin. Mutanen da ke ƙirga dubban ɗaruruwa a zaune a kan tabarma ba su yarda su riƙe jimilla a ka ba. Tsibi ne ke riƙe musu lissafi, ko an yi sallama an katse su, abin da aka tara na nan a ƙasa ana gani. Sauƙin da suke da shi a kanmu ɗaya ne, wuri duk darajarsa ɗaya. Mu da muke da sile iri takwas, sai mun ƙara matakin warewa kafin mu kai inda suke.

Na san wani zai ce duk wannan surutu a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. To a wurin mai shayi 300 ribar kofi nawa ce? Kuma ba kuɗin ne suka fi tsada a daren ba. Yaro ne aka tuɓe wa hula a bakin titi, a gaban mai gadi, a kan lambar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Ni a ganina kuskuren mai shayi mafi girma yana cikin tambayar da ya yi, ya fi na ƙirgan nauyi. "Me ka ɗauka?" tambaya ce da ta riga ta yanke hukunci, amsarta ɗaya ce, kuma ko an ba da ita ba za a yarda ba. Da ya ce "wa ya zo bayan na tafi?", da zancen ya ƙare kafin a kai ga ƙirga na uku. Iyaye mata masu aiken yara talla, wannan ya shafe ku kai tsaye, don sau da yawa yarinya na dawowa da faranti a gajiye, a ƙirga a gaban murhu ana magana da maƙwabciya, a ce ba su cika ba.

Na tambaye shi ko har yanzu yana tunanin 300 ɗin nan. Ya yi shiru, sannan ya ce wani lokaci takan faɗo masa a rai, sai ya tuna da sulalla biyun da dattijo ya ɗora a ƙarƙashin fitila, ya kore ta. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne tun daga daren yaron bai ƙara sa hannu a gwangwani ba. Ko mai saye na tsaye yana jiran canji, sai ya ce a jira Kawu. Ya ba shi haƙuri washegari, ya saya masa takalmi ranar kasuwa, yaron ya karɓa ya yi godiya, amma gwangwani dai bai taɓa ba har aka yi wata biyu.

Da asubar ranar, mai burodi ya zo ya karɓi nasa. Kuɗin adashi suka gaza da 500, aka cike da jikar direban nan, mai adashi ta ba da canji. Yanzu idan ka je teburinsa wajen ƙarfe 2 za ka ga gwangwani uku a jere, ɗaya na jajaye, ɗaya na farare, ɗaya na masu launi biyu, na 250 kuma a ƙulle cikin ledarsu daban. Sai ya kashe wuta ya kife tukunya kafin ya fara ƙirga, kowa ya zo bayan nan sai dai ya yi haƙuri. Shi ke ƙirga ƙwaya, yaron ke riƙe da biro da littafin makaranta mai shafi arba'in, yana rubutawa yana ninkawa. Daren da na zauna da su, sun saɓa a layin na 50, shi ya ce ashirin da biyu, yaron ya ce ashirin da uku. Aka baje tsibin aka sake, ashirin da uku ne.